Gungu fari ba hujja ba ne: yadda ake shigar da ƙwayar gado cikin bakteriya, da yadda ake gane wadda ta karɓa

Wanda ya ga zanen wannan aiki a littafin karatu zai ɗauka abu ne mai tafiya daki-daki ba tare da tangarɗa ba: a yanka filasmid, wato ɗan zoben DNA da ke zama cikin bakteriya, a cusa masa ƙwayar gado, a liƙe, a ba bakteriya ta haɗiye. A zanen filasmid ɗaya ne, bakteriya ɗaya ce, kuma kowane mataki yana kaiwa ga na gaba. A cikin 'yar kwalbar gwaji kuwa ba haka abin yake ba. Akwai biliyoyin filasmid da miliyoyin ƙwayoyin bakteriya, kuma babu hannun da ke kama ɗaya ya kai shi ga ɗaya. Sa'a ce ke haɗa su, mafi yawansu kuma ba sa haɗuwa yadda ake so. Saboda haka rabin gwanintar aikin ba a yanka da liƙi take ba, tana wajen tankaɗe: jerin rariya ne, kowace tana riƙe abu ɗaya ta bar saura su wuce. Abin da nake so mai karatu ya kama shi ne, kowace rariya tambaya ɗaya tak take amsawa, kuma mafi yawan asarar makonni a ɗakin bincike tana faruwa ne idan aka ɗora wa wata rariya amsar tambayar da ba a yi mata ba.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. Za mu saka ƙwayar gadon EGFP cikin filasmid pUC19, mu shigar da shi cikin bakteriyar E. coli. EGFP gyararren nau'i ne na furotin mai ƙyallin kore da aka samo daga wata halittar teku mai suna Aequorea victoria, kuma ƙwayar gadonsa, wato sashen DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, tsawonta haruffa 720 ne.

Da farko, enzayim mai yanka. Bakteriya ce ta mallaki waɗannan enzayim tun asali, don kare kanta daga bairas ɗin da ke zuba mata DNA ɗinsa. Kowane enzayim yana neman wani ɗan jerin haruffa takamaimai, inda ya same shi ya datse. Ita kuwa bakteriyar tana kare nata DNA ta hanyar maƙala ɗan metil a kan waɗannan wurare, sai enzayim ɗin ya wuce su bai taɓa ba. A kan gano wannan tsari da amfani da shi ne Werner Arber da Daniel Nathans da Hamilton Smith suka sami kyautar Nobel a 1978. Mu biyu za mu yi aiki da su, EcoRI da HindIII, kuma ga inda kowane yake yanka:

```
EcoRI    5'-G^AATTC-3'     HindIII  5'-A^AGCTT-3'
         3'-CTTAA^G-5'              3'-TTCGA^A-5'
```

A lura cewa yankan ba a daidai yake ba a zare biyun. Kowane baki yana fitowa da haruffa huɗu da suka zarce ba su da abokan haɗi: AATT ga EcoRI, AGCT ga HindIII. Waɗannan haruffa huɗu su ne ke neman 'yan'uwansu su manne, kuma ba ruwansu da inda DNA ɗin ya fito. Bakin EcoRI na halittar teku zai manne da bakin EcoRI na filasmid ɗin bakteriya, amma ba zai manne da bakin HindIII ba. A kan wannan ne Stanley Cohen da Herbert Boyer, tare da Annie Chang da Robert Helling, suka gina aikinsu na 1973, inda suka yanka filasmid pSC101 da EcoRI suka liƙa masa wani DNA, bakteriya kuma ta karɓa ta ci gaba da kwafarsa.

Jerin haruffa shida yana iya faɗowa kwatsam kusan sau ɗaya a kowane haruffa 4096, domin haruffan DNA huɗu ne, huɗu kuma idan aka ninka shi a kansa sau shida 4096 ke nan. Wannan lissafi yana da amfani a aikace: kafin a zaɓi enzayim, wajibi ne a binciki jerin ƙwayar gadon a tabbata babu wurin yankansa a cikinta. Wanda ya tsallake wannan zai datse abin da yake son ya kwafa gida biyu da hannunsa. EGFP ba ta da wurin EcoRI ko na HindIII a cikinta, don haka muna iya ci gaba.

Shi kuma pUC19 zobe ne na DNA mai haruffa 2686, wanda ya fito daga ɗakin binciken Joachim Messing. Abubuwa uku ne a jikinsa suka shafe mu. Akwai wurin da kwafi ke farawa, wanda ke sa ƙwayar bakteriya ɗaya ta tara kwafinsa ɗari biyar zuwa ɗari bakwai. Akwai ƙwayar gado mai ba da juriya ga maganin amfisilin. Sannan akwai wani ɗan guntu na ƙwayar gadon lacZ, wanda aka dasa wuraren yankan enzayim da dama a jere a tsakiyarsa. Wurin HindIII yana farkon wannan jeri, na EcoRI yana ƙarshensa, tsakaninsu haruffa 51 ne kawai. A riƙe wannan adadi na 51, domin shi ne tushen mafi yawan matsalar da za mu gani a faranti.

Me ya sa enzayim biyu, ba ɗaya ba? Idan aka yanka zoben da EcoRI kaɗai, bakinsa biyu iri ɗaya ne, suna kusa da juna a jikin zare guda, sai su koma su manne kafin baƙo ya iso. Ko baƙon ya shiga, yana iya shiga ta gaba ko ta baya, rabi da rabi. Da enzayim biyu, filasmid yana da bakin AGCT a gefe ɗaya da bakin AATT a ɗaya gefen, ba zai iya rufe kansa ba, kuma ƙwayar gadon hanya ɗaya ce kawai za ta iya zama. Idan dole ta sa a yi amfani da enzayim ɗaya, sai a cire fosfet ɗin da ke bakin filasmid da enzayim fosfates don kada ya rufe kansa, amma matsalar fuska tana nan sai an bincika daga baya. A ganina duk inda ake da zaɓi, enzayim biyu sun fi.

Ƙwayar gadon EGFP ba ta zo da waɗannan wurare a gefenta ba, mu ne za mu ɗora mata su ta hanyar PCR, dabarar kwafar sashen DNA sau da yawa a kwalba, da firaima biyu da muka tsara, wato gajerun zaren DNA da kwafin ke farawa daga gare su:

```
gaba:  5'-TATA AAGCTT G ATGGTGAGCAAGGGCGAG-3'
baya:  5'-TATA GAATTC TTACTTGTACAGCTCGTC-3'
```

Haruffa huɗun farko, TATA, ba umarnin komai suke ɗauke da shi ba. An sa su ne don enzayim ba ya kama DNA da kyau idan wurin yankansa yana bakin zare sosai, yana buƙatar ɗan wurin zama. Amma harafin da ya fi muhimmanci shi ne wannan G guda da ke tsaye shi kaɗai a firaimar gaba. Bakteriya tana karanta ƙwayar gado haruffa uku-uku, kuma a pUC19 karatun yana farawa tun kafin wurin HindIII, yana tafiya haka:

```
ATG ACC ATG ATT ACG CCA AGC TTG ATG GTG AGC AAG ...
```

Da wannan G, sai ATG ɗin EGFP ya faɗo daidai a kan ukun karatu, a sami furotin mai ƙyalli da ɗan ƙarin amino asid takwas a gabansa. Idan babu shi, karatun ya zame da harafi ɗaya, ya zama TTA TGG TGA, kuma TGA alamar tsayawa ce. Filasmid ɗin zai ginu lafiya, a gwaje-gwajen da za mu gani a gaba ya wuce amfisilin, ya fito fari, jel ma ya nuna girman da ake so, amma karatun da aka tsara ya mutu tun a farkonsa. Harafi ɗaya ne, kuma babu rariyar da ke kama shi sai ta ƙarshe.

Yankan kansa ba shi da wuya. Ana zuba maikirogiram ɗaya na DNA da enzayim biyun a cikin ruwan bafa, wato ruwan gishirin da enzayim ke aiki a cikinsa, wanda ya dace da dukansu, jimilla maikirolita 50, a ajiye a digiri 37 na ma'aunin Salshiyos na awa guda. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙara enzayim da yawa da tunanin zai fi yanka. Enzayim yana zuwa ne a cikin gilisarol, idan gilisarol ya haura kashi biyar cikin ɗari na ruwan, EcoRI yakan fara sassauci ya yanka wuraren da suka yi kama da nasa amma ba su ba ne. Ka'idar da ake bi ita ce kada enzayim ya wuce kashi ɗaya cikin goma na ruwan.

Daga nan sai jel. Ana zuba DNA a jel ɗin agaros, lantarki ya ja shi, gajere ya riga dogo gaba, a yanko layin da ake so a tace DNA daga ciki. Wannan yana raba mu da ɗan guntun nan mai haruffa 51, wanda in an bar shi zai koma gurbinsa da sauri fiye da baƙon. To amma a nan gizo ke saƙa. Filasmid da enzayim biyu suka yanka tsawonsa 2635. Wanda enzayim ɗaya kawai ya samu ya yanka tsawonsa 2686. A jel na yau da kullum waɗannan biyu layi ɗaya suke yi, ido ba ya raba su. Mutum zai ga layi mai kyau tas, ya yanko shi, alhali a ciki akwai wani kaso na filasmid mai baki biyu iri ɗaya, wanda zai rufe kansa da zarar ya ga ligas, enzayim mai liƙa DNA. Hanyar rage wannan ita ce a gwada kowane enzayim shi kaɗai a layi daban, a ga kowane ya miƙar da zoben gaba ɗaya. Hakan ba ya tabbatar da cewa kowane zobe ya sha yanka biyu, amma yana fallasa enzayim ɗin da ya mutu. Kuma idan ana yanko layin a ƙarƙashin hasken UV a hanzarta, domin hasken yana lalata DNA.

Liƙin aikin ligas na T4 ne, wanda ke ɗaure ƙashin bayan zaren bayan haruffa huɗun sun manne. Abin da ake aunawa a nan yawan guntaye ne, ba nauyi ba. An saba zuba baƙo uku ga kowane filasmid ɗaya. Baƙonmu bayan yanka haruffa 727 ne, filasmid 2635, don haka idan muka ɗauki nanogiram 50 na filasmid:

```
50 × (727 ÷ 2635) × 3 ≈ 41 ng
```

Nanogiram 41 ke nan na EGFP, a cikin maikirolita 20, a ɗumin ɗaki na kamar awa guda ko a digiri 16 har kwana. Ligas ba ya aiki sai da ATP, sinadarin da ke ba shi ƙarfi, kuma ATP ɗin yana cikin bafar ne, yana lalacewa idan ana ta daskarar da ita ana narkarwa. Wanda ya saba yakan raba bafar ƙanana-ƙanana tun ranar da ta iso. Idan an narkar da ita sau da yawa za a ga wani farin gari a ƙasan kwalbar, sai a girgiza har ya ɓace kafin a ɗiba. Liƙi da yawa da ake zargin enzayim da lalata shi, tsohuwar bafa ce ta kashe shi.

Yanzu a tsaya a tambayi me ke cikin kwalbar. Akwai zoben da muke so, mai haruffa 3362. Akwai filasmid da ya sha yanka ɗaya ya koma ya rufe, ba komai a cikinsa. Akwai ɗan abin da ya tsira bai yanku ba sam. Akwai miƙaƙƙun guntaye da ba su liƙu ba, da dogayen sarƙoƙi na baƙo a kan baƙo. Duka wannan za mu zuba wa bakteriya.

E. coli ba ta karɓar DNA da sauƙi. Tun 1970 Mandel da Higa suka nuna cewa jiƙa ta a ruwan kalsiyam kulorayid mai sanyi yana sa ta karɓa. Ana haɗa maikirolita 50 na irin waɗannan ƙwayoyi da maikirolita biyu zuwa biyar na liƙin, su zauna a ƙanƙara minti 30, a tsoma su a ruwan digiri 42 na daƙiƙa 30 zuwa 45, a mayar da su ƙanƙara minti biyu. Sannan a zuba musu ruwan abinci na SOC marar magani, a girgiza su a digiri 37 na awa guda, don waɗanda suka karɓi filasmid su sami lokacin ƙera furotin ɗin juriya kafin su gamu da magani. Nau'in da za mu yi amfani da shi DH5α ne, kuma ba a banza aka zaɓe shi ba. An kashe masa nasa enzayim mai yanka baƙon DNA, in ba haka ba zai iya datse abin da muka ba shi, tunda DNA ɗin da ya fito daga PCR ba shi da metil na kariya. An kuma kashe masa ƙwayar gadon recA don kada ya yi wa filasmid sauye-sauye, da endA don kada DNA ya ruɓe yayin tacewa.

Duk da wannan shiri, ƙwayoyin da ke karɓar filasmid 'yan kaɗan ne ƙwarai, mafi yawa suna fitowa hannu rabbana. Rariyar farko ita ce farantin aga, wato daskararren abincin da bakteriya ke tsirowa a kai, mai amfisilin, maikirogiram 100 a kowace mililita. Amfisilin yana hana bakteriya gina bangon jikinta, sai ta fashe yayin da take ƙoƙarin girma ta rabu. Wadda ke da filasmid tana ƙera enzayim beta-laktames mai karya maganin, sai ta rayu ta hayayyafa, bayan awa 16 ta zama gungu da ido ke gani, dukansa zuriyar ƙwaya ɗaya. Tambayar da amfisilin ya amsa ita ce: shin wannan ƙwaya tana da filasmid? Bai ce komai a kan abin da ke cikin filasmid ɗin ba. Zoben da babu komai a cikinsa yana ba da juriya daidai da wanda muke so. Hasali ma zoben da bai taɓa yankuwa ba ya fi kowa saurin shiga bakteriya, saboda a murɗe yake a dunƙule, don haka ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya cika faranti.

Wannan rariya tana da wani rami da ya kamata a sani. Beta-laktames ba ya tsayawa a jikin mai shi kaɗai, yana cinye maganin da ke kewaye da gungun. Amfisilin kuma ba ya kashe ƙwayar da ke kwance ba ta girma. Idan faranti ya wuce lokacinsa a ɗumi, za a ga manyan gungu kowane kewaye da ƙananan ɗige-ɗige. Waɗannan ƙananan ba su da filasmid ko kaɗan, sun tsiro ne a filin da maƙwabcinsu ya share musu. Wanda ya tsinci ɗaya ya saka a ruwan abinci mai sabon amfisilin, washegari zai tarar da ruwan garau, babu abin da ya tsiro. Maganin abin shi ne a fitar da faranti a kan lokaci, a yi aiki da sabon faranti, kada a zuba maganin a aga mai zafi sosai, ko kuma a koma ga kabenisilin wanda ya fi jure lalacewa.

Rariya ta biyu ita ce ta launi. DH5α tana ƙera enzayim beta-galaktosides wanda aka gutsure masa wani sashe, ba ya aiki. Ɗan guntun lacZ da ke jikin pUC19 shi ke ƙera sashen da ya ɓata, idan suka haɗu enzayim ya farfaɗo. Ana sa X-gal a faranti, wani sinadari marar launi da ke komawa shuɗi idan enzayim ɗin ya karya shi, tare da IPTG mai buɗe karatun. Filasmid da babu komai a cikinsa guntun lacZ ɗinsa lafiya lau, gungunsa shuɗi. Wanda baƙo ya shiga tsakiyarsa guntun ya karye, gungunsa fari. Dabara ce mai kyau, ina jin daɗinta har yanzu, amma a kula da tambayar da ta amsa: shin guntun lacZ yana aiki? Fari yana nufin ba ya aiki, ba ya nufin EGFP ce ta karya shi. Guntun firaima da suka manne da juna suka shiga gurbin za su ba da fari. Bakin filasmid da wani gurɓataccen enzayim ya ɗan ci kafin ya rufe zai ba da fari. Ƙananan ɗige-ɗigen nan marasa filasmid su ma farare ne, kuma su ne suka fi yaudarar sabon shiga, don yana neman fari ido rufe. Ta ɗaya gefen kuma, ɗan gajeren baƙo da ya shiga daidai da ukun karatu ba tare da alamar tsayawa ba yana iya barin gungu da shuɗi-shuɗi alhali yana ɗauke da abin da ake so. Namu yana ƙarewa da TAA, don haka fari muke tsammani. Idan launin bai fito sosai ba, a sa farantin a firji na 'yan awanni, shuɗin zai ƙara duhu.

Faranti ɗaya shi kaɗai ba ya gaya wa mutum inda aiki ya tsaya. Shi ya sa ake shuka faranti biyar a rana guda, kuma duk wanda ya rage su don tsimin aga zai biya da lokacinsa. Na farko ƙwayoyi ne da ba a ba su DNA ba, a kan amfisilin. Na biyu ƙwayoyi da pUC19 da ba a yanka ba. Na uku filasmid yankakke ba ligas. Na huɗu filasmid yankakke da ligas amma ba baƙo. Na biyar cikakken liƙin. Mu ƙaddara, don misali, cewa da safe mun tarar da haka: na farko wayam, na biyu gungu 100 shuɗaye, na uku gungu 3, na huɗu gungu 40 kusan duka shuɗaye, na biyar gungu 190, daga ciki 150 farare.

Farantin farko ya ce maganin yana aiki kuma babu gurɓata. Da an ga bakteriya ta lulluɓe shi, to amfisilin ya mutu, sauran faranti huɗun kuma babu abin da za a karanta a cikinsu. Na biyu yana auna ƙarfin ƙwayoyin. Idan nanogiram 0.1 muka ba su, muka shuka kashi ɗaya cikin goma, to gungu 100 sun fito ne daga nanogiram 0.01, wato gungu miliyan goma ga kowane maikirogiram. Wannan ya isa aikin irin namu. Da wannan faranti ya fito wayam, to laifin ba na yanka ko liƙi ba ne, ƙwayoyin ne suka lalace ko zafin ya yi musu yawa. Na uku yana ƙirga zoben da ya tsira bai yanku ba, tunda miƙaƙƙen DNA da wuya ya ba da gungu: uku kaɗan ne. Bambancin na uku da na huɗu, wato daga 3 zuwa 40, shi ne filasmid ɗin nan da ya sha yanka ɗaya, wanda jel ya ɓoye mana. Wannan faranti ya kuma shaida cewa ligas yana da rai. Na biyar kuwa ana karanta shi ne a kan na huɗu: shuɗayen 40 su ne waɗanda muka riga muka sani, fararen 150 kuma sabon abu ne da bai bayyana ba sai da aka zuba baƙo. Wannan alama ce mai ƙarfi. Da na huɗu da na biyar sun fito da adadi ɗaya da launi ɗaya, babu amfanin tsintar gungu, gara a koma a sake yanka. Da kuma na uku zuwa na biyar duk sun fito kusan wayam alhali na biyu ya cika, to a fara zargin liƙin: bafa, ko ligas, ko bakin baƙon da bai yanku ba.

Sai yanzu za a tambayi gungun kai tsaye me ke cikinsa. Ana tsintar farare takwas zuwa goma, manya, waɗanda suka ware daga maƙwabta, da bakin tsinke mai tsabta. A taɓa kowane a sabon faranti mai lamba don kada ya ɓace, sannan a tsoma sauran a ruwan PCR da firaimar M13 ta gaba da ta baya, waɗanda ke zama a jikin filasmid gefe da gefen gurbin. Filasmid marar komai zai ba da layi ɗan sama da haruffa 100, mai ɗauke da EGFP zai ba da kusan 780. Na fi son firaimar da ke kan filasmid a kan ta baƙon, domin ragowar baƙon da bai liƙu ba yana nan shimfiɗe a saman aga daga ruwan da aka shuka, kuma firaimar EGFP tana iya kama shi ta ba da layi daga gungun da babu komai a cikinsa. Biyu ko uku da suka ba da 780 sai a rene su a ruwan abinci mai amfisilin su kwana, a tace filasmid, a sake yanka shi da EcoRI da HindIII. Layi biyu ake so, 2635 da 727. Fitowarsu tana nuna girman daidai ne kuma wuraren yankan biyu sun koma yadda suke.

EGFP tana da wata alfarma da yawancin ƙwayoyin gado ba su da ita: idan aka haska farantin da shuɗin haske, aka duba ta gilashi mai launin ruwan lemo, gungun da aikin ya yi daidai zai yi ƙyallin kore. Ga sauran ƙwayoyin gado babu irin wannan shaida, kuma ko a nan ƙyalli bai kore yiwuwar an sami canjin harafi a wani wuri ba. Enzayim ɗin PCR yana yin kuskure jefi-jefi, nau'in da ake kira Taq ya fi yawan yi, shi ya sa ake amfani da nau'in da ke gyara kuskurensa idan kwafin na shiga filasmid ne. Firaimar ma da aka ƙera wani lokaci takan zo da harafi ɗaya a ɓace. Tunda kowane gungu daga zobe ɗaya ya fito, kuskuren da ke cikin wannan zoben yana cikin dukan zuriyarsa, kuma jel ba ya ganin bambancin 727 da 726. Don haka ake aika filasmid ɗin gungu biyu ko uku a karanta jerinsa ta hanyar Sanger, da firaimar M13 daga ɓangarorin biyu, domin karatu ɗaya yakan ba da haruffa 700 zuwa 900 masu kyau, farkonsa da ƙarshensa kuma ba su cika fitowa sarai ba. Idan sakamakon ya dawo, a fara duba mahaɗar HindIII a ga AAGCTT G ATG a jere, sannan a bi haruffa 720 ɗin a kwatanta da na asali har zuwa TAA da GAATTC. Gungun da ya tsallake wannan shi ake haɗawa da gilisarol a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri, a rubuta sunan filasmid da nau'in bakteriya da maganin a jikin kwalbar.